Ƙugiya da Alamar Tambaya: Tarihin Lalacewar Haruffan Hausa a Saƙon Waya, da Misali daga Azarori

1.0 Gabatarwa

Duk mai aikin yaƙi da jahilci a ƙasar Madawa, Buza da Keita ya san wannan abu: ana rubuta saƙo da Hausa mai tsabta a ofis, amma in ya sauka a wayar malamin aji sai a tarar da alamar tambaya a gurbin ƙ, ko kuwa wasu baƙin haruffa biyu a gurbin ɗ. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan wayar, ko a kan wanda ya buga saƙon. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa matsalar tana da tarihi wanda ya girmi wayar salula da shekaru masu yawa, sa'an nan kuma kowace irin lalacewa tana barin sawun da zai nuna inda abin ya auku, da ko zai gyaru ko ba zai gyaru ba. Za mu bi tarihin haruffa huɗu, watau ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, daga maɗaba'a zuwa na'ura, daga nan mu ɗauki saƙo guda mu bi shi tun daga ofis har zuwa Azarori.

2.0 Yadda ƙugiya ta samu gindin zama

Lokacin da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun boko a 1912, ƙugiya ba ta zo ba tukuna. Marubutan wancan zamani sukan yi ɗigo a ƙarƙashin harafi, ko su sa ƴar alama a gefensa, don su raba sautin fada da na faɗa. Sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya yi shawara da masanin harsunan nan na Jamus, Diedrich Westermann, aka tsai da haruffa masu ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa idon masu karatu da su.

A Nijar hanyar ta ɗan bambanta. Taron da Unesko ta kira a Bamako a 1966 shi ne ya ba mu tsarin da aka yi aikin yaƙi da jahilci da shi shekara da shekaru, inda ake ninka wasali don nuna tsawonsa. Da wannan tsari aka riƙa buga ƙananan jaridun karkara, irin su Sabon Ra'ayi ta Madawa. A 1980 aka yi taron Yamai don daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar ninkin wasali. Dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta sake tabbatar da jerin haruffan Hausa na Nijar, har da ƴ, wanda a Nijeriya aka fi rubuta shi da ƴar alama kafin y. Ke nan mu a Nijar haruffa huɗu muke da su masu ƙugiya, in an haɗa da manyansu su zama takwas.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan tarurruka sun yanke abin da za a rubuta, amma ba su da iko a kan masu ƙera na'urorin rubutu. Keken rubutun da ke ofisoshinmu an ƙera shi ne don Faransanci. Mai buga takarda yakan buga k, daga baya ya ɗauki alƙalami ya ƙara ƙugiya da hannu, in ya tuna. In bai tuna ba, sai ƙasa ta koma kasa, Maraɗi ta koma Maradi. Wannan ita ce lalacewa ta farko, kuma mai sauƙi ce, domin gangar jikin harafin tana nan, ƙugiyar kaɗai ta faɗi.

3.0 Daga ƙarfe zuwa lamba

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Saboda haka dole a yi jadawali wanda zai ce lamba kaza harafi kaza ce. Jadawalin ASCII, wanda ya fito a Amirka a 1963, gurbi 128 gare shi, babu ko é ta Faransanci. A 1987 aka fitar da ISO 8859-1 mai gurbi 256 don harsunan Yammacin Turai, kuma jadawalin Windows-1252 da ya cika ofisoshinmu ɗan uwansa ne. Ba ɗaya daga cikinsu da ya tanadi gurbi don ɓ ko ƙ. An dai yi wani jadawali na musamman don harsunan Afirka a 1983, mai suna ISO 6438, amma don aikin ɗakunan karatu aka yi shi, bai shiga na'urorin da jama'a ke saye ba.

Dabarar da cibiyoyin bincike da maɗaba'u suka yi a shekarun 1990 ita ce ƙera zanen haruffa na gida. Sai a ɗauki gurbin wani harafi da Hausa ba ta bukata, a zana ƙ a kansa. A na'urar da aka zuba wannan zane, rubutu yakan fito daidai, a buga littafi lafiya lau. Amma lambar da ke ajiye a ƙarƙashi ta wancan harafi ce, don haka da zarar an kai fayil wata na'ura sai harafin asali ya dawo ya karɓi gurbinsa. Ga shi kuma kowane gida da gurbin da ya zaɓa. Littattafai da ƙamus da yawa na wancan zamani sai da aka sake juya su harafi bayan harafi kafin a iya amfani da su.

Maganin na ainihi ya zo da Unicode, wanda bugunsa na farko ya fito a 1991, da niyyar kowane harafi na duniya ya samu lambarsa shi kaɗai. Haruffanmu sun shiga tun da wuri, amma ba a unguwa ɗaya aka sauke su ba. An sa ƙ a U+0199, ƴ a U+01B4, cikin rukunin ƙarin haruffan Latin, tare da manyan haruffan nan huɗu. Su kuwa ɓ da ɗ, da yake masana furuci suna amfani da su, an kai su rukunin haruffan furuci, a U+0253 da U+0257. Wannan rabuwa tana da sakamako har yau. Mai zana haruffa yana iya zana rukuni ɗaya ya bar ɗayan, shi ya sa wani lokaci akan ga ƙ ta fito sumul amma ɗ ta zama akwati, ko kuwa ta fito da wani fasali dabam da na sauran kalmar.

Samun lamba bai gama magana ba, sai an san yadda za a ajiye lambar. Na'ura tana ajiya ne a ma'auni mai suna bayit, wanda ke ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ba haruffan ASCII bayit guda, amma kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu yake ci. Ga yadda suke, da kuma abin da suke zama in an karanta bayit biyun nan ɗaya bayan ɗaya da jadawalin Windows-1252:

```
ɓ  U+0253  C9 93  É“
ɗ  U+0257  C9 97  É—
ƙ  U+0199  C6 99  Æ™
ƴ  U+01B4  C6 B4  Æ´
```

Wannan jeri shi ne mabuɗin sauran bayanin, za mu koma kansa.

4.0 Ƙunci na saƙon waya

Saƙon tes na wayar salula yana da nasa tarihin dabam. An aika na farko a watan Disamba na 1992, kuma injiniyoyin Turai da suka tsara shi sun ba shi bayit 140 kacal. Don su cusa haruffa 160 a cikin wannan ɗan wuri, sai suka yi ƙaramin jadawali, wanda aka sani da GSM 03.38. A cikinsa akwai é, è, à da ù, akwai Æ da É, har da wasu manyan haruffan Girkanci. Babu harafinmu ko ɗaya.

An dai bar wata ƙofa. Waya tana iya aika saƙo da tsarin UCS-2, inda kowane harafi ke cin bayit biyu, kuma a nan haruffanmu suna wucewa. Sai dai bayit 140 ɗin nan ba su ƙaru ba, don haka saƙo ya koma haruffa 70. In saƙo ya wuce haka akan yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta ɗauki haruffa 67 maimakon 153, domin ana cire ɗan wuri a rubuta lambar da za a sake haɗa su da ita. Kuma ba a gauraya tsarin biyu a saƙo guda: ƙugiya ɗaya tak ta isa ta mai da dukan saƙon tsarin mai tsada.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, ba da daɗewa ba kuma masu yaƙi da jahilci suka gane amfaninta. Shirin da aka sani da ABC, wanda aka gudanar a jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, ya koya wa manya rubutun Hausa da Zabarmanci tare da latsa waya, kuma binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna ɗaliban sun amfana. Tun daga nan aika saƙo ga malamai da ɗalibai ya zama ruwan dare. Ke nan harafin da muke koyarwa a kan allo mun miƙa shi ga hanyar da ba a gina ta dominsa ba.

5.0 Saƙo guda zuwa Azarori

A ce mai kula da azuzuwan yaƙi da jahilci yana zaune a Madawa, yana so ya aika wa malaman Azarori da ƙauyukanta wannan saƙo: «Malamai, a kawo ƙidayar ɗalibai ranar Litinin. Idan an samu ƙari a ajin mata, a faɗa.» In an ƙirga da sarari da alamomi, haruffa 85 ne, huɗu daga cikinsu masu ƙugiya. Da babu ƙugiya, da saƙo guda ne, har da sauran wuri. Da ƙugiya kuwa gunduwa biyu ce, ta farko 67, ta biyu 18. In malamai 40 ne, kuɗin saƙo 80 za a biya maimakon 40. Daga wannan lissafi ne mafi yawan ɓarnar ke tasowa.

Mataki na farko shi ne fayil. Mai kula ya rubuta saƙon da lambobin malamai, ya ajiye a fayil na CSV da tsarin UTF-8. Abokin aikinsa ya buɗe da manhajar lissafi wadda ba a gaya mata tsarin ba, sai ta yi zaton Windows-1252 ne. Nan take saƙon ya koma Æ™idayar É—alibai, ƙari ya koma Æ™ari. Ga ido abin ya yi muni, amma ba a yi asarar kome ba, domin bayit ɗin suna nan yadda suke, karatunsu ne aka yi a karkace. Ana iya rufe fayil ba tare da an ajiye ba, a sake buɗewa a zaɓi UTF-8. Ko an riga an ajiye, layi guda na Python yana mai da shi:

```
"Æ™ari".encode("cp1252").decode("utf-8")
```

Wannan zai ba da ƙari. Harafi guda ne ke ba da wahala, watau babban Ɓ. Bayit ɗinsa C6 81 ne, ita kuwa lamba 81 babu harafin da aka ba ta a jadawalin Windows-1252, don haka wasu manhajoji sukan yar da ita, gyaran ya ƙi tafiya sai da hannu.

Mataki na biyu shi ne na'urar da ke rarraba saƙo ga jama'a da yawa. Sau da yawa an saita ta a kan jadawalin haruffa 160 don rage kuɗi. In ta ci karo da harafin da babu shi a jadawalinta, sai ta sa alamar tambaya a gurbinsa. Malamin Azarori zai karanta: Idan an samu ?ari a ajin mata, a fa?a. A nan asara ta tabbata, domin lambar ƙ ta tafi, lambar alamar tambaya ce ta zauna, kuma babu dabarar da za ta dawo da ita a wayar mai karɓa. Masani zai cike gurbin daga ma'anar jimla, amma a dubi abin da ke gaban sabon mai karatu. Kalmar ?ari tana iya zama ƙari, tana iya zama ɗari, tana iya zama ɓari, kuma a zancen ajin mata duk ukun suna da ma'ana, ɗaya ma mai tayar da hankali. Da a ce ƙugiyar kaɗai aka cire aka rubuta kari, da babu wanda zai kai tunaninsa ga sauran biyun.

Wani lokaci kurakuran biyu sukan haɗu. In saƙon da ya riga ya karkace a fayil ya shiga na'urar rarrabawa, Æ da É za su wuce tun da suna cikin jadawalin waya, amma abokan tafiyarsu su zama alamar tambaya, sai a ga Æ?idayar É?alibai. Jerin da muka kawo a sama zai gaya wa mai bincike cewa É? ko dai ɓ ce ko ɗ, Æ? kuwa ko ƙ ce ko ƴ ko ɗaya daga cikin manyan haruffa. Ya kuma san cewa ɓarnar ta fara tun daga ofis.

Mataki na uku shi ne wayar malami. In saƙon ya zo da UCS-2 ba tare da rauni ba, amma wayar ƙarama ce wadda ba a zuba mata zanen haruffanmu ba, za ta nuna ɗan akwati a gurbin harafin. A nan lambar tana nan lafiya, zanen ne babu. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a sa layin a wata babbar waya a sake aiko da saƙon, in ƙ ta fito, to, laifin na ƙaramar wayar ne. Akwai kuma alama ta huɗu, baƙin lu'ulu'u mai alamar tambaya a ciki, watau U+FFFD. Ita takan fito ne in manhaja ta sa ran UTF-8 amma ta tarar da bayit da ba su dace ba, misali in an yanke rubutu a tsakiyar harafi, aka raba C6 da 99.

A Azarori abin bai tsaya kan Hausa ba, tun da Hausawa da Abzinawa ke zaune tare. Haruffan Tamajak na boko, irin su ɣ, su ma ba su cikin jadawalin waya, kuma duk matakan nan uku suna cin su kamar yadda suke cin namu.

6.0 Abin da ya rage ga masu tsarawa

A yau manyan wayoyi suna da allon haruffan Hausa, kuma manhajojin hira da ke bi ta intanet da Unicode suke aiki, don haka a can alamar tambaya ta yi ƙaranci. Amma malamin ƙauye da ɗalibarsa, waɗanda su ne maƙasudin aikinmu, galibi ƙaramar waya ke hannunsu, kuma saƙon tes ne ke isa gare su.

Saboda haka shawara uku muke bayarwa. Ta farko, kafin a fara kowane shiri, a aika saƙon gwaji mai ɗauke da haruffan nan takwas zuwa irin wayoyin da malamai ke riƙe da su, ta ainihin hanyar da za a bi, a rubuta abin da ya fito a kowace. Ta biyu, in wayoyin suna nuna ƙugiya, a sa kuɗin UCS-2 cikin kasafi tun farko, a kuma horar da marubuta su tsai da saƙo a haruffa 70. Saƙonmu na sama, in an taƙaita shi zuwa «A kawo ƙidayar ɗalibai Litinin. In an samu ƙari, a faɗa.», ya shiga gunduwa guda. Ta uku, in wayoyin ba su nunawa, mutum ne ya kamata ya cire ƙugiyar da sani tun daga ofis, ya kuma kauce wa kalmomin da za su rikice, kamar baki da baƙi, ko bata da ɓata. Kada a bar wa na'ura wannan hukunci, domin ita alamar tambaya kawai ta sani. Sai dai wannan mafita ba ta dace da saƙon da ake nufin ɗalibi ya koyi rubutu da shi ba, tun da zai rushe abin da aka gina a aji.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda haruffan da aka tsayar a Zariya a shekarun 1930, aka tabbatar a Bamako da Yamai, suka riƙa tuntuɓe a duk lokacin da rubutu ya koma sabuwar na'ura: keken rubutu ya yar da ƙugiya, kwamfutar farko ta musanya harafi, wayar salula ta sa alamar tambaya. Mun kuma ga cewa alamomin ba ɗaya ba ne. Baƙin haruffa biyu suna gyaruwa, akwati matsalar zane ce, alamar tambaya kuwa sai an koma ga asalin saƙo.

Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar bisa kundin sake gina ƙasa, kuma ana iya sa ran sanarwar hukuma, da sunayen mutane da na garuruwa, za su ƙara yawa a cikin na'urori. Sunan da aka ajiye da alamar tambaya a rajista ba zai gyaru ba sai an nemo mai shi an tambaye shi. Ya kamata ke nan duk yarjejeniyar da hukuma za ta ƙulla da masu sayar da na'ura ko masu rarraba saƙo ta ƙunshi sharaɗi a rubuce cewa haruffan nan takwas za su shiga kuma su fita yadda suke, a kuma gwada hakan a wuri irin Azarori kafin a sa hannu.